Saƙon Kashi Goma Sha Biyar

Malam Jika mai dankali mutum ne da ba ya zama wuri ɗaya, matarsa Inna Safara'u kuwa mace ce da ba ta iya zama lafiya in ba ta san inda yake ba. Da haka suka yi shekara arba'in a gidansu na Tudun Wada, shi yana fita, ita tana leƙen ƙofa.

Sana'arsa ita ce bin gonaki a kewayen Kuru da Vom, ya ga dankalin Turawa tun yana ƙasa, ya yi ciniki da manomi, a haƙe a ɗura a buhu a ɗora a mota. Ya ba sittin da bakwai baya, amma in ka ce masa ya huta sai ya dube ka kamar ka zage shi. Ita kuwa Inna, ba haka kawai ta zama mai fargaba ba. A wani rikici na shekarun baya ƙanenta ya fita kasuwa, aka yi ta kiran wayarsa ana jin ta a kashe, kuma har yau bai dawo ba. Tun daga ranar, in ta kira mutum ta ji an ce wayarsa a kashe take, jininta ya hau ke nan, sai an kwantar da ita.

Ga shi Malam Jika da caji ba sa ga maciji. Wayarsa ta mutu sau uku a mako ba labari ba ne.

'Yarsu ta fari, Amatullahi, nas ce a wani asibitin kuɗi, tana aure a unguwar Congo-Russia. Ita ake kira duk lokacin da Inna ta kwanta, don haka ita ta fi kowa gajiya da wannan sha'ani. Wata Lahadi ta zo gida ta karɓi wayar mahaifinta, ta sa masa wata manhaja mai suna MacroDroid, wadda wani abokin aikinta ya nuna mata. Abin ba wuya. Ka gaya mata abin da za ta jira, ka gaya mata abin da za ta yi in ya faru. Amatullahi ta zaɓi cewa idan batir ya sauko zuwa kashi goma sha biyar cikin ɗari, a tura tes zuwa lambar Inna. Ta ba manhajar izinin tura saƙo, ta zaɓar mata layin da yake sa wa kati, ta kuma cire ta daga cikin manhajojin da Android ke rufewa don tattalin batir. Tes ba ya buƙatar data, wanda ya yi daidai, domin Malam Jika bai taɓa sayen data ba a rayuwarsa, kuma ba shi da niyya.

"Har wurin da kake za ta iya turawa, Baba, in aka kunna mata," in ji ta.

"A'a," ya ce. "Ni ba akuya ba ce da za a ɗaure ni a turke. Ki rubuta ki ce caji ya ƙare, shi ke nan."

Ta ce to. Amma da ta zo rubutawa sai ta tuna fuskar mahaifiyarta, ta san caji ya ƙare kaɗai ba zai sa Inna ta ci abinci ba. Sai ta rubuta haka: "Ina lafiya lau. Cajin wayata ya kusa ƙarewa, kada a yi ta kira. Sai na dawo." Baba ba ya karanta boko, ajami ya sani, don haka bai tambaya ba, ita ma ba ta karanta masa ba. Inna kuwa ba a gaya mata komai ba, saboda Amatullahi ta yi lissafin cewa ranar da ta san waya ce ke magana da kanta, ranar saƙon zai daina yi mata magani.

Kuma ya yi magani, a faɗi gaskiya. Shekara biyu cur Inna ba ta kwanta don waya ba. Ta ɗauka tsohon ne yake samun wani a gona ya rubuta masa. Da ta lura kalmomin ba sa canzawa ko harafi ɗaya, sai ta ce ai maza ke nan, ragwancin magana ya yi musu yawa. In ya dawo ta ce, "Malam, na ga saƙonka," sai ya gyara hula ya ce, "To madalla." Amatullahi kan ji wannan ta yi murmushi a ranta, tana ganin ta yi wayo. Ta yi wayon kuwa, ba wanda zai ce ba ta yi ba.

Ranar wata Talata cikin Agusta, Amatullahi ta shiga ɗakin tiyata tun ƙarfe tara na safe, wayarta na kulle cikin loka, akwatin ajiye kayan ma'aikata, kamar yadda doka ta ce. Aiki biyu suka yi a jere. Sai biyu da rabi ta fito, ƙafafunta na zogi, ta buɗe loka, ta ga kira goma sha ɗaya daga Inna, huɗu daga ƙanenta Jabir. Ta kira nan take.

Inna ta ɗauka da dariya a bakinta.

"Ke bari kawai, Amatu. Babanku ne ya so ya kashe ni yau, amma komai ya wuce."

"Me ya faru?"

"Ai kin san Dalyop, manomin nan na Kuru da suka daɗe tare. Sun yi da shi ƙarfe takwas zai zo ya ga dankali. Tara shiru, goma shiru. Dalyop ya yi ta kira tana shiga ba a ɗauka, shi ne ya kira ni. Ni ma na kira ya fi sau talatin. Ga shi jiya ba wuta, da rabin caji ya fita. Na ta da Jabir ya ajiye kekensa ya ari mota ya kama hanya, shi kuma Dalyop ya fita da mutanensa suna bin hanyar gona suna nema. Ni har na fara ganin duhu-duhu. Can sai ga saƙonsa ya shigo, wai yana lafiya. Ki ji mutum! Ka iya nemo mai rubuta maka saƙo, amma ba ka iya ɗaga waya ba."

Amatullahi ta dafa bango.

"Ƙarfe nawa saƙon ya shigo, Inna?"

"Ɗaya saura, ana shirin kiran salla. Na kira Dalyop na ce su koma aikinsu, na ba shi haƙuri. Jabir ma har ya kai Bukuru na ce ya juyo."

"Kin yi magana da Baba? Kin ji muryarsa?"

"Ya ce kada a yi ta kira, ni kuma na bar shi. Zai dawo ya same ni ai."

"Inna, saƙon cewa ya yi: ina lafiya lau, cajin wayata ya kusa ƙarewa, kada a yi ta kira, sai na dawo."

"Haka ya ce. Ke ma ya turo miki ne?"

Mata biyu abokan aikin Amatullahi suka wuce suna hira, ba ta ji me suke cewa ba. Shekara biyu tana riƙe da maganar nan kamar wata kyauta da ta ɓoye, yanzu ga ta za ta fito da ita a tsakar asibiti, kuma ba ta da lokacin da za ta yi mata kwalliya.

"Inna, ba Baba ne ya rubuta ba. Ni na rubuta, tun shekara biyu. Wayar ce take turawa da kanta in caji ya yi ƙasa. Ko yana lafiya ko ba ya lafiya, haka za ta turo."

Sai ƙarar tukunya a can bayan Inna.

"Ban gane ba."

"Ba wanda ya taɓa wayar. Kiran da kuka yi ta yi ne ya cinye cajin, da ya kai kashi goma sha biyar sai ta tura."

"Duk saƙonnin nan?"

"Duka, Inna."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna, muryarta ta koma wata iri, siririya. "Amatu, da bakina na ce su bar nemansa. Da bakina."

"Kada ki kira shi. Don Allah, Inna, ko sau ɗaya kada ki kira. Ki gaya wa kowa a gidan."

Wannan ne kaɗai abin kirki da kanta ya iya haɗawa a lokacin, kuma da shi ta fita da gudu, ko rigar aiki ba ta cire ba. Saƙon ya yi ƙarya a kan lafiyar Baba, amma akwai abin da bai yi ƙarya a kansa ba: ƙarfe ɗaya saura wayar tana da rai, tana samun sabis, kuma saura mata kashi goma sha biyar. Tunda an daina kira, wataƙila har yanzu da ɗan saura. In dai tana da rai za ta yi ƙara, kuma ƙarar ba ƙarama ba ce, domin ita da kanta ta ƙure masa sauti saboda kunnensa ya fara nauyi.

Jabir bai mai da motar da ya ara ba tukuna. Ya ɗauke ta a bakin asibiti, idanunsa jajaye, domin Inna ta riga ta gaya masa. Sai da suka kai Bukuru ya buɗe baki.

"Yaya, nan na juya ɗazu. Daidai nan. Da yanzu na yi awa biyu a can."

Ya ƙara gudu, ya ci gaba da magana.

"Har tsayawa na yi na ci masa, ina zagin tsoho a raina."

"Yi tuƙi, Jabir."

Ta kira Dalyop ta yi masa bayani a gurguje. Sau biyu ta maimaita kafin ya gane, da ya gane kuwa sai ya ce, "Yesu!" ya kashe waya. Ko da suka isa inda Malam Jika ya saba sauka a bakin titin Kuru, Dalyop na tsaye da matarsa Suzana da maza huɗu, da igiya da adduna. Dattijo ne gajere mai furfura, takalman roba a ƙafarsa har gwiwa. Shekara ashirin da biyar yana sayar wa Malam Jika dankali, kuma shi ya kai buhu biyu kyauta ranar bikin Amatullahi.

"Mai shayi ya gan shi da safe," in ji Dalyop. "Ya sauka nan, ya shiga wannan hanya. Daga nan zuwa gona na, tafiyan minti talatin. Amma Malam ba ya bin hanya, yana son yanke. Na gaya mishi, na gaya mishi, akwai loto a wurin."

Loto su ne ramukan da masu haƙar kuza suka bari. Da rani kana ganin bakinsu daga nesa. A watan Agusta kuwa ciyawa ta kai ƙirjin mutum, ta rufe komai, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Amatullahi ta dubi filin, kore shar har gindin duwatsu, ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

"Baba Dalyop, ga yadda za mu yi," ta ce. "Cajin kaɗan ne, kowane kira yana rage shi. Ni kaɗai zan kira. Mu bazu, in na ɗaga hannu kowa ya tsaya cik, kada wanda ya yi ko tari."

Suka bazu cikin ciyawa, kowa da sanda yana dungurin ƙasa kafin ya taka. Bayan tafiya kaɗan ta ɗaga hannu, ta danna kira. Ta kara wayar a kunne har sai da ta ji ta shiga. Tana shiga! Wayar na da rai. Suka kasa kunne, mutum takwas a tsaye kamar an dasa su. Iska kawai, da kukan wata saniya can nesa. Ta bari ta yi ƙara sau biyar ta katse.

Suka ƙara gaba, suka ratsa ta gefen wata gonar masara mai shingen ƙerana. Kira na biyu, babu komai. Yayyafi ya fara. Jabir ya soma ƙwala kiran "Baba! Baba!" har muryarsa ta dushe, Suzana na biye da shi tana addu'a da yarensu. Kira na uku, wani cikin mazan ya ce ya ji wani abu ta hagu, suka ruga, ashe ƙararrawar keken wani mai wucewa ce. Amatullahi ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi ihu. Tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin tiyata, kuma a ƙarƙashin tsoron akwai kunya mai nauyi.

Suka iso wani dutse mai faɗi da bishiyar mangwaro a gefensa. Dalyop ya tsaya.

"Nan na kai ɗazu," ya ce. "Nan na tsaya Madam ya kira ni. Daga nan na koma."

Ta ɗaga hannu, ta yi kira na huɗu. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Suzana ta ɗaga kai kamar kaza ta ji motsi, ta nuna bayan dutsen da yatsa. Amatullahi ma ta ji, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin tulu. A na uku ƙarar ta yanke. Ta sake dannawa, muryar matar nan ta kamfani ta ce lambar da kike kira a kashe take.

Amma sun riga sun ji. Suka sare ciyawa suka nufi wurin, taku ashirin bai cika ba daga inda Dalyop ya tsaya. Bakin ramin ya rufta ta gefe ɗaya, sabuwar ƙasa ja a fili. Wayar na nan a kan wani ɗan tudu a jikin ramin, kusa da sama, fuskarta baƙa. Can ƙasa, zurfin tsayin mutum biyu, Malam Jika na jingine da bango, ruwan laka ya kai masa ƙugu, hularsa na yawo a kan ruwan. Idanunsa a buɗe suke.

"Baba!"

Leɓɓansa suka motsa, amma ba abin da ya fito.

Jabir da wani suka sauka da igiya. Aka ciro ƙofar wata bukkar gona aka zura musu, suka kwantar da shi a kai suka ɗaure, aka jawo shi a hankali. Ko da ya iso sama, Amatullahi ta durƙusa a kansa, hannayenta suka shiga aikin da suka saba ba tare da sun jira ta ba. Ƙafar dama ta juya waje, ƙugu ya karye. Haƙarƙari ma, shi ya sa numfashinsa gajere, shi ya sa ba murya. Jikinsa sanyi ƙalau. Ta danna cikinsa, ta ji shi tauri kamar katako, ya yi nishi. Ta kama wuyan hannunsa, bugun na gudu amma siriri. Ta ja fatar idonsa ta ga ta yi fari fat. Jini ne ke zuba a ciki, a hankali, tun safe. Ta san abin da awa uku ke nufi ga irin wannan, ta sha faɗa wa dangin marasa lafiya, yau kuwa ba mai faɗa mata sai kanta.

Suka ɗauke shi su shida suka nufi titi da sauri, ruwa na dukansu. Suzana ta cire mayafinta ta lulluɓa masa. Aka kwantar da kujera aka shigar da shi mota, Amatullahi ta zauna ta riƙe kansa, Dalyop ya shiga gaba ko takalmansa bai kakkaɓe ba. Jabir ya fizgi mota.

Ɗumin motar ya ɗan dawo masa da murya, ƙasa-ƙasa, sai an sunkuya.

"Dalyop."

"Ga ni, Malam. Kada ka yi magana."

"Na ji ka ɗazu. Kana kiran sunana. Ka zo kusa, har tarinka na ji." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Na yi ta bugun bango da hannu. Sai na ji wayarka ta yi ƙara. Ka ce, to mun gode Allah. Sai ka tafi."

Dalyop ya rufe fuska da tafin hannu.

"Me ya sa ka tafi?"

"Madam ne ya kira, Malam. Ya ce ka aiko saƙo, ka ce kana lafiya, kada a dame ka."

Malam Jika ya juya maganar a ransa. Mamaki ne a fuskarsa, ba fushi ba, irin mamakin mutumin da aka ce ya yi abin da bai san ya yi ba.

"Ni? Caji ya ƙare na ce a rubuta. Wa ya ce muku ina lafiya?"

Jabir ya kafa ido a titi. Abin share gilashin motar na ta kai da komo.

"Ni ce, Baba," in ji Amatullahi. "Ni na ƙara. Don kada Inna ta damu."

Ya juyo da ido ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ta so ya yi mata faɗa, ta so ƙwarai, ko da kalma ɗaya ce.

"Ta ci abinci?" ya ce.

"Ta ci, Baba."

"To."

Ya lumshe ido. Ta riƙe wuyan hannunsa da yatsu biyu tana ƙirgawa, tana kallon agogonta, tana gaya masa saura kaɗan, ga Bukuru nan, an riga an kira likita, an tanadi jini. Ya motsa baki yana salati, ta taya shi. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Da suka zo daidai gidajen farko na Bukuru ta matsar da yatsunta zuwa wuyansa, ta danna, ta jira. Ta daɗe tana jira.

Jabir na ta danna oda yana ratsa motoci, yana daka wa masu keke tsawa su ba shi hanya.

"Jabir," ta ce. "Rage gudu."